Takardar sharuɗɗan zuba jari: nawa zai rage wa mai kamfani ranar da aka raba kuɗi?

Mai ƙaramin kamfani da ya saba da banki ya san tambayoyin da ake yi kafin a karɓi bashi: nawa ne ruwan kuɗin, wata nawa za a yi ana biya, mene ne jingina. Amma idan mai zuba jari ne ya zo, wato wanda zai ba da kuɗi ya zama abokin tarayya a cikin kamfani, waɗannan tambayoyi ba su da amfani. Ba ya neman jingina, ba ya sa ranar biya. Abin da yake kawowa wata gajeriyar takarda ce, sau da yawa shafi uku zuwa shida, mai ɗauke da sharuɗɗan da yake son a ƙulla yarjejeniya a kansu. Asusun zuba jari irin su Sinergi a Yamai, da masu kuɗi na ƙetare da ke neman ƙananan masana'antu a yankin, duk ta irin wannan takarda suke fara magana.

Galibi takardar ba ta ɗaure kowa a gaban kotu, in ban da ƴan sassa kamar alkawarin rufe sirri da alkawarin cewa mai kamfani ba zai yi ciniki da wani mai zuba jari ba na wani lokaci. Wannan yana sa wasu su sa hannu da sauri, suna cewa ai daga baya za a gyara. Ba kasafai ake gyarawa ba. Daga wannan takarda lauyoyi ke kwafo abin da za su zuba a cikin dokokin kamfani da yarjejeniyar masu hannun jari, kuma duk wanda ya dawo yana neman a sauya abin da ya riga ya amince da shi, ana yi masa kallon mai magana biyu.

Abubuwa uku ne ke yanke abin da mai kamfani zai samu: ƙimar da aka yi wa kamfanin, raguwar kason da yake riƙe da shi, da kuma wanda za a fara biya ranar da aka sayar da kamfanin ko aka rufe shi. Idon wanda bai taɓa yi ba yana tsayawa a kan na farko, saboda shi ne adadi mai daɗin faɗi. Na ukun kuwa, wanda yakan ɓuya a layi biyu ko uku a tsakiyar takarda, shi ne ke iya cinye na farkon gaba ɗaya.

Miliyan 400, kafin kuɗi ko bayan kuɗi?

A ɗauki misali. Wata mata a Maraɗi ta kafa kamfanin tatsar man gyaɗa tare da ƙanenta. Jarin da suka rubuta lokacin rajista miliyan 10 ne na sefa, an raba shi hannun jari 1000, kowanne jikka 10. Ita tana da 600, shi yana da 400. Bayan wasu shekaru kamfanin yana samun ribar kusan miliyan 50 a shekara, kuma suna bukatar miliyan 100 don sabon inji da sayen gyaɗa da yawa lokacin kaka, sa'ad da take da arha. Wani mai zuba jari ya amince zai ba da miliyan 100 ɗin, ya rubuta a takardarsa cewa ya ƙimanta kamfanin a kan miliyan 400.

Abu na farko da ke rikita mutane shi ne yadda kamfani mai jarin miliyan 10 ya zama na miliyan 400. Jarin rajista tarihi ne, yana nuna abin da aka zuba a farko. Ƙima kuwa farashi ce, kuma kamar kowane farashi, ciniki ne ke haifar da ita. A wannan misali mai zuba jarin ya ninka ribar shekara sau takwas. Wani zai ninka sau biyar, wani ya dubi yawan cinikin da ake yi, wani ya kwatanta da farashin da aka sayar da wani kamfani makamancinsa. Idan akwai bashin banki a kan kamfanin, ana cire shi daga adadin. Babu wata hukuma da ke da ma'aunin gaskiyar ƙima, kuma ba wanda ya ajiye wa matar miliyan 400 a wani wuri. Amfanin adadin ɗaya ne: da shi ake lissafa kason da miliyan 100 za su saya.

Nan ne tambaya ta farko take. Shin miliyan 400 ɗin ƙimar kamfanin ce kafin sabon kuɗin ya shiga, ko bayan ya shiga? Idan kafin ya shiga ce, to bayan an zuba kuɗin kamfanin ya zama na miliyan 500, mai zuba jari yana da 100 cikin 500, wato kashi 20 cikin ɗari. Idan kuwa bayan shigar kuɗin ake nufi, yana da 100 cikin 400, wato kashi 25 cikin ɗari, kuma abin da matar da ƙanenta suka gina an ƙimanta shi ne a kan miliyan 300 kawai. Kalma guda a cikin jimla, amma bambancinta miliyan 100. Takardar da ba ta fayyace wannan ba, a mayar da ita a fayyace kafin a ci gaba da wata magana.

A ce sun daidaita a kan miliyan 400 kafin kuɗi. Ana raba 400 ɗin da hannun jari 1000 da ke akwai, sai kowanne ya kama jikka 400. Da miliyan 100 mai zuba jari zai sayi sababbin hannayen jari 250, waɗanda kamfani zai ƙirƙira dominsa. A takardun rajista, jarin kamfani zai tashi daga miliyan 10 zuwa miliyan 12 da rabi kawai, domin kowane sabon hannun jari jikka 10 yake a rubuce. Sauran miliyan 97 da rabi suna shiga asusun kamfani a matsayin ƙarin farashi. Kuma a lura, asusun kamfani suke shiga. Ko dala ɗaya ba ta shiga aljihun matar ba.

Ba a taɓa hannun jarinta ba, amma kasonta ya ragu

Matar tana nan da hannun jarinta 600, ba wanda ya karɓi ko ɗaya. Sai dai jimillar ta tashi daga 1000 zuwa 1250. Saboda haka kasonta ya sauko daga kashi 60 zuwa kashi 48, na ƙanenta daga 40 zuwa 32. Wannan ita ce raguwar kaso, kuma ba laifi ba ce a karan kanta. Kashi 60 na miliyan 400 miliyan 240 ne, kashi 48 na miliyan 500 ma miliyan 240 ne. A ranar sa hannu ba ta yi asara ba, ba ta kuma ci riba ba. Idan sabon injin ya ninka abin da ake tatsa, ƙaramin kaso na babban kamfani zai fi mata babban kaso na ƙarami.

Abin da ya sauya nan take shi ne ƙuri'a. Jiya ita kaɗai ke da rinjaye, yau sai ta haɗa da ƙanenta. Muddin suna shiri, ba a ganin matsalar. Ranar da suka saɓa, mai kashi 20 shi ne zai zama raba gardama.

Akwai kuma wani layi da ke yawan zuwa a nan, wanda ke cewa a ware kashi 10 cikin ɗari na kamfani domin ma'aikatan da za a ɗauka nan gaba, irin su shugaban sashen sayarwa ko injiniya, don a riƙe su da hannun jari tunda ba a iya biyan su babban albashi. Tunanin yana da kyau. Tambayar ita ce, daga kason wa za a cire? Masu zuba jari sun fi son a ware shi kafin su shigo, a lissafa shi cikin miliyan 400 ɗin. Idan aka yi haka, mai zuba jari yana nan da kashi 20, ma'aikata 10, masu kafa kamfani 70 maimakon 80. Kashi 70 na miliyan 500 miliyan 350 ne. Ke nan ƙimar da aka yi wa aikinsu a zahiri 350 ce, ko da yake takarda ta ce 400. Idan kuwa bayan shigowarsa aka ware, kowa zai ragu daidai gwargwado: su 72, shi 18. Abu ne da ake ciniki a kai, kuma hanya mafi sauƙi ita ce mai kamfani ya zo da jerin mutanen da yake bukatar ɗauka cikin shekara biyu, ya nuna cewa kashi 5 ma ya wadatar. A sauran lissafin da ke tafe an ajiye wannan kaso gefe don kada adadi ya yi yawa.

Da wuya kamfanin da ya karɓi jari sau ɗaya ya tsaya a nan. A ce bayan shekara biyu abubuwa sun yi kyau, wani mai zuba jari na biyu ya kawo miliyan 200 a kan ƙimar miliyan 800 kafin kuɗi. Kamfani ya zama na miliyar ɗaya, sabon shiga ya ɗauki kashi 20, kowane tsohon mai hannun jari ya ragu da kashi ɗaya bisa biyar na abin da yake da shi. Matar ta koma kashi 38,4, ƙanenta 25,6, mai zuba jari na farko 16. A kuɗi ta ci gaba, domin kasonta yanzu ya kai miliyan 384 a takarda. A iko kuwa ta sake ja baya. Ita da ƙanenta suna da kashi 64 a haɗe, kuma a dokar kamfanoni ta OHADA, wadda Nijar ke aiki da ita, kamfani nau'in SA yana bukatar kashi biyu bisa uku na ƙuri'u kafin a sauya dokokinsa. Kashi 64 bai kai ba. A nau'in SAS, dokokin kamfanin ne da kansu ke tsara yawan ƙuri'un da ake bukata a mafi yawan al'amura, don haka sai a karanta abin da aka rubuta.

Idan kuma abubuwa ba su yi kyau ba fa? A ce gyaɗa ta yi tsada shekara biyu a jere, kamfani ya shiga matsi, mai zuba jari na biyu ya ce ba zai sayi hannun jari a kan jikka 400 ba sai jikka 200. Yawancin takardun sharuɗɗa suna ɗauke da kariya ga mai zuba jari na farko a irin wannan hali. Mafi tsananinta tana cewa a sake lissafa kuɗinsa kamar da sabon farashin ya saya tun farko. Miliyan 100 a kan jikka 200 hannun jari 500 ne, saboda haka za a ƙara masa 250 ba tare da ya biya farashinsu ba. Tun kafin sabon mai kuɗin ya karɓi nasa, masu kafa kamfani sun faɗo daga kashi 80 zuwa ƙasa da 67. Akwai mai sassauci, wadda ke duba yawan hannayen jarin da aka sayar da arha ta daidaita farashin a tsakiya. Ita ce ya kamata a nema. Mai tsananin ba ta duba yawa: ko hannun jari goma kacal aka sayar da arha, hukuncinta ɗaya ne.

Wa za a fara biya?

Mai zuba jari ba ya shiga kamfani don ya dawwama. Asusun zuba jari kuɗin wasu yake juyawa, kuma yana da wa'adin mayar musu, don haka tun ranar shiga yake tunanin ranar fita. Fitar takan zo ta hanyar sayar da kamfanin ga wani babba, ko sayar da kasonsa, ko kuma rufe kamfanin idan ya gaza. Sashen da ke tsara rabon kuɗin wannan rana shi ne fifikon biya. Sunansa a takardun Faransanci da Ingilishi yana ɗauke da kalmar rushe kamfani, abin da ke sa mai kamfani ya ɗauka cewa sai an yi karayar arziki yake aiki. Kusan kullum akwai jimlar da ke biye tana cewa sayar da kamfani ko haɗe shi da wani, shi ma ana lissafa shi a matsayin rushewa.

Ranar rabo, masu bin bashi ke gaba da kowa: ma'aikata da albashinsu, lanho, banki, ƴan kasuwar da suka kawo gyaɗa ba a biya su ba. Abin da ya rage shi ne na masu hannun jari. Da babu wani sharaɗi, da kowa ya ɗauki gwargwadon kasonsa. Fifikon biya yana sauya wannan tsari, ya sa mai zuba jari a gaban layi. Doka ta ba da damar haka. Gyaran da aka yi wa dokar kamfanoni ta OHADA a shekarar 2014 shi ne ya kawo nau'in SAS, ya kawo hannayen jari masu fifiko, ya kuma amince da yarjejeniyar da masu hannun jari ke ƙullawa a tsakaninsu a wajen dokokin kamfani. Wannan ne dalilin da ya sa mai zuba jari kan nemi a mayar da kamfanin SARL ya koma SAS ko SA kafin ya saki kuɗi.

A koma ga matar da mai zuba jari na farko kaɗai, mai miliyan 100 da kashi 20. A ce bayan shekara biyar wani babban kamfani ya saye su, bayan an biya basussuka aka samu miliyan 300. Ba rushewa ba ce, amma bai kai miliyan 500 da aka yi fata ba. Idan babu fifiko, mai zuba jari zai ɗauki miliyan 60, matar da ƙanenta su raba 240.

Fifiko mafi sauƙi ana rubuta shi `1x`, ma'ana ninki ɗaya na kuɗin da aka zuba, kuma yana ba mai zuba jari zaɓi: ko ya karɓi miliyan 100 ɗinsa ya tafi, ko ya bar fifikon ya karɓi kashi 20, duk wanda ya fi yawa, amma ba duka biyun ba. A nan zai zaɓi 100, tunda ya fi 60. Saura 200: matar 120, ƙanenta 80. Wannan sharaɗi yana da hujja mai ƙarfi. Ba don shi ba, da masu kamfani za su iya karɓar miliyan 100 yau, gobe su rufe kamfanin su raba kuɗin, su ɗauki 80 daga cikin kuɗin da ba nasu ba. Mai kamfanin da ya ce sam ba zai yarda da kowane irin fifiko ba, da wuya ya sami abokin tarayya.

Nau'i na biyu ba ya ba da zaɓi, yana ba da duka biyun. Mai zuba jari ya fara ɗaukar miliyan 100, sannan ya dawo ya shiga rabon abin da ya rage da kashi 20 ɗinsa. Daga 200 da suka rage ya sami 40, jimilla 140. Matar ta tashi da 96 maimakon 120. Wanda ya saba da kiwon raba riba zai ce ai haka ake yi: mai kuɗi ya sayi rago ya ba mai kiwo, ranar sayarwa a fitar da uwar kuɗi tukuna sannan a raba riba. Kamannin yana da ruɗi. A kiwo mai kuɗi ne kaɗai ya sa jari, shi ya sa shi kaɗai ake mayar wa uwar kuɗi. A nan kuwa mai zuba jarin da bakinsa ya ce abin da matar da ƙanenta suka kawo ya kai miliyan 400. Idan za a fitar da uwar kuɗi kafin rabo, su ma suna da tasu, kuma ta ninka tasa sau huɗu. Wannan nau'i tasa kaɗai yake fitarwa.

Sai ninki. Idan takarda ta ce `2x`, miliyan 200 zai fara ɗauka. Idan kuma an haɗa ninkin da shiga rabo, zai ƙara da kashi 20 na sauran 100, ya tashi da 220 cikin 300. Matar da ta kafa kamfanin, mai kashi 48 a takarda, za ta sami miliyan 48, wato kashi 16 cikin ɗari na kuɗin sayarwa. Wani lokaci ninkin ba ya fitowa fili. Ana iya rubuta `1x`, sannan a ƙara cewa hannun jarin mai fifiko yana tara ribar kashi 8 cikin ɗari kowace shekara, wadda ba a biya sai ranar fita. Bayan shekara biyar, miliyan 100 sun zama 140, ko fiye idan ribar ma tana haihuwa.

Ko mai sauƙin yana da wani lungu da ya kamata a sani. Kashi 20 ba ya kai miliyan 100 sai an sayar da kamfani a kan 500. Ke nan ko an sayar a kan 150, ko 300, ko 480, abin da mai zuba jari zai samu ɗaya ne, alhali ga matar bambancin yana da girma ƙwarai. Idan wa'adinsa ya matso, ba shi da dalilin jiran mai saye da ya fi tsoka. Shi ya sa ake karanta wannan sashe tare da wani da ke ba wasu masu hannun jari ikon tilasta wa sauran su sayar idan an sami mai saye. Idan mai zuba jari shi kaɗai ke iya tayar da wannan iko, ba tare da an sa mafi ƙarancin farashi ba, yana iya sayar da kamfanin a farashin da zai fitar da shi ya bar masu kafawa da ɗan abin da ya saura.

Fifiko kuma yana taruwa. Bayan shigowar mai zuba jari na biyu da miliyan 200, kuɗin da ke gaban layi ya zama 300. Idan aka sayar a kan miliyan 300, matar da ƙanenta, masu kashi 64, ba za su sami komi ba. Su kansu masu zuba jarin suna da tsari a tsakaninsu. Idan kuɗin sayarwa miliyan 240 ne kuma na biyun ya sa sharaɗin a fara biyan sa, zai ɗauki 200 ya bar wa na farko 40. Idan an yarda su raba gwargwadon abin da kowa ya zuba, 160 da 80 ne. Kuma duk abin da aka ba na farko, na biyu zai nemi irinsa ko wanda ya fi shi. Wanda ya yarda da ninki biyu a karon farko, ya sa ran za a nemi ninki biyu a kowane karo.

Wannan ba lissafin allo ba ne kawai. A Amurka, inda waɗannan sharuɗɗa suka samo asali, wani kamfanin manhajar tsaron wayoyi mai suna Good Technology ya taɓa samun ƙimar sama da miliyar ɗaya na dalar Amurka. A shekarar 2015 kamfanin BlackBerry ya saye shi a kan dalar Amurka miliyan 425. Masu hannun jari mai fifiko sun sami sama da dalar Amurka 3 a kan kowane hannun jari, ma'aikata masu riƙe da na gama-gari kuwa santi 44.

Tayi biyu a kan tebur

A ce matar ta sami tayi biyu, kowanne na miliyan 100. Na farko shi ne wanda aka yi ta lissafi da shi: ƙimar miliyan 400 kafin kuɗi, kashi 20, fifiko ninki ɗaya mai zaɓi. Na biyu ya ce kamfanin ya kai miliyan 700 kafin kuɗi, don haka kashi 12 da rabi kawai yake so, amma da fifiko ninki biyu da shiga rabo. Duk wanda ya ji labari a gari zai ce na biyun ya fi, kusan ninki biyu na ƙima da ƙarancin raguwar kaso.

Sai a gwada su da farashin sayarwa daban-daban. A kan miliyan 300, tayin farko yana bar wa matar da ƙanenta 200, na biyu 87 da rabi. A kan miliyan 600, na farko yana bar musu 480, na biyu 350. A kan miliyar ɗaya, 800 da 700. Tayi na biyu ba ya kamo na farko sai an sayar da kamfanin a kan sama da miliyar 2 da miliyan 300, kusan ninki shida na ƙimar da tayin farko ya yi masa a yau. Mai tayi na biyu ya san wannan lissafi tun kafin ya rubuta 700. Ya ba da adadin da ake so a ji, ya karɓi farashinsa a wani layi. Babbar ƙimar tana da wata illa kuma: idan zagaye na gaba bai kai ta ba, kariyar nan ta faɗuwar farashi za ta tashi, kason masu kafawa ya sake raguwa.

Jadawalin da ya bayyana wannan ba ya bukatar ƙwararre. Layi biyar ne ko shida na farashin sayarwa, daga mafi muni zuwa wanda ake mafarki, da gurbin kowane mai hannun jari a gefe. Mai kamfani na iya neman mai zuba jarin ya cika shi da hannunsa, a haɗa shi da takardar sharuɗɗa; asusun zuba jari na gaske yana da irinsa a ajiye, domin da shi ya yanke shawarar shigowa. Sannan ya kai wa akantansa da lauyan da shi ya ɗauka, ba lauyan mai zuba jari ba, su sake lissafawa, su kuma tabbatar da cewa abin da aka rubuta da kalmomi a yarjejeniyar ƙarshe yana ba da adadin da ke cikin jadawalin. Idan mai zuba jarin ya dage sai ya shiga rabo bayan ya karɓi uwar kuɗinsa, akwai tsaka-tsakin da ake yi: a sa iyaka, a ce jimillar abin da zai samu ta wannan hanya ba za ta wuce ninki biyu na kuɗinsa ba, in yana son fiye da haka sai ya bar fifikon ya karɓi kasonsa kamar kowa. A misalin matar Maraɗi, wannan iyaka tana nufin a kan sayarwar miliyar ɗaya zai sami miliyan 200 maimakon 280.